Akwatin Hutu Ba Ya Nauyi

Har yau idan na ga akwatin ƙarfe na 'yan makaranta a tasha, sai hannuna ya yi ƙaiƙayin ɗaga shi. Ba don in taya kowa ba, so nake kawai in ji nauyinsa. 'Ya'yana sun ɗauka wata tsiya ce ta tsufa ta fara kama ni, ni kuwa ban taɓa zama na yi musu bayani ba. A kan nauyin akwati na rabu da ƙawar da ban sake yin irinta ba, kuma mun rabu ne da sauran magana a bakina.

Makarantar kwana ta 'yan mata muka yi, can yamma da Haɗeja, tafiyar awa uku idan mota lafiyarta ƙalau. Ni 'yar wani ƙauye ce a tsallaken kogi, wanda da damina sai da jirgin fito ake shigarsa. Ita kuma daga wajen Baturiya take, iyayenta masunta ne da ke taɓa noman shinkafa, kakanninta daga bakin Tafkin Chadi suka taso. Tun aji ɗaya gadonta ke saman nawa. Kwano ɗaya muke ci, sabulu ɗaya muke yankawa biyu. Ni ce mai baki, ita ce mai shiru. Idan na ɗauko faɗa da wata, sai ta tsaya a bayana tana jan gefen hijabina har in sauko. A aji kuwa kullum ita ce ta ɗaya, ni ta biyu, kuma ƙarya nake idan na ce abin ba ya ci mini rai.

Duk ɗalibar kwana ta san cewa akwati iri biyu ne. Akwai na komawa makaranta, wanda uwa ta danƙare da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da soyayyen kifi, sai mutum biyu sun kama. Akwai kuma na hutu, wanda an cinye komai, ba abin da ya rage sai tufafi da gwangwanaye suna ƙara. Katifa da bokiti da littattafai ba a kai su gida. Ɗakin ajiya ake sa su, kowa ta rubuta lambarta a jiki, a kulle sai an dawo.

Mu 'yan ƙasar Haɗeja mu goma sha huɗu ne, kuma shatar bas muke yi. Direbanmu ɗaya ne duk shekarun nan, wani dattijo mai furfura a gemu, Baba direba muke ce masa. Kuɗin kujera sananne ne, ba a ciniki. Kuɗin kaya ne ake yanka wa a bakin ƙofar makaranta, kuma Baba direba ba shi da sikeli sai hannunsa. Zai bi layin akwatuna yana kama mariƙin kowanne. Wanda ya tashi da hannu ɗaya, naira ɗari. Wanda sai ya sa hannu biyu, to sai abin da bakinsa ya faɗa. Mu kuma muna da tamu al'adar da muka gada daga yayyenmu: ba a cewa wance ta biya kaza. Haɗa jimillar ake yi a raba daidai a kan kowa, domin wadda akwatinta ya yi nauyi yau, gobe na wata ne. A shekarar da nake ba da labari ni ce mai tara kuɗin, saboda an san ba mai iya cin kwabona ya kwana lafiya.

Hutun ƙarshen aji biyar ne, tsakiyar damina. Sati biyu kafin nan yayanta ya zo ranar ziyara, suka daɗe a gindin darbejiya suna magana. Tun daga ranar ta canja. In na kawo kwano sai ta ce ta ƙoshi. In na yi mata magana sai ta amsa da ka. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce ba komai, ni kuwa ba na tambaya sau biyu. Sai na ɗauka girman kai ne ya shige ta. Ana gobe hutu aka ba da sakamako, ta sake zuwa ta ɗaya da tazara mai yawa, kuma ko kallona ba ta yi ba balle ta tsokane ni yadda ta saba. Da safe na ga ta miƙa wa wata 'yar aji ɗaya katifarta da bokitinta. Na gani da idona, amma fushi ya hana ni tunani. Cewa na yi a raina, ji neman suna.

Muka jera akwatuna a bakin ƙofa, hadari yana haɗuwa ta gabas. Baba direba ya fara bi yana ɗagawa. Ɗari, ɗari, ɗari. Nawa ya ɗaga da yatsa uku, ya girgiza shi gwangwanaye suka yi kuka, ya ce, "Ke kam ko ɓera ya shiga nan sai ya yi azumi." Aka yi dariya. Da ya zo kan nata, wani kore mai zanen fure a murfi, ya ja da hannu ɗaya, akwati ya ce bai san zance ba. Ya sa hannu biyu, ya ɗaga shi kaɗan ya ajiye. Bai yi wasan da ya saba ba. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai.

"Wannan ɗari biyar ne, 'yata," ya ce a hankali. "Ba don ni ba, don tayar mota."

Idan aka raba ƙarin ɗari huɗun nan a kanmu, abin da zai hau kan kowa ko naira talatin bai cika ba. Na yi wannan lissafin sau ba adadi daga baya. Amma a ranar, da takarda da biro a hannuna, sai na ji bakina ya buɗe.

"Me kika zuba a ciki, duwatsu?"

"Littattafai ne," ta ce.

"Littattafai. Wato mu da muka bar namu a ɗakin ajiya jakuna ne. Ke za ki je gida ki haddace na aji shida ki dawo ki taka mu, mu kuma mu biya miki kuɗin dako. To ba da ni ba. Yau kowa ya biya na kayansa."

Wata 'yar Kaugama ta ce, "Haba, ai ba haka ake yi ba."

"Yau haka za a yi," na ce. "Wadda ta ga za ta iya, ga takardar, ta karɓa."

Ba wadda ta karɓa. Sun san halina, kuma kowa hankalinta ya riga ya tafi gida.

Na san abin da ke cikin ɗaurin gefen ɗankwalinta, domin tare muke ƙirga kuɗinmu tun aji ɗaya. Gidansu ƙirgagge suke aikowa: kuɗin kujera, ɗari ta kaya, da kuɗin a-kori-kurar da za ta ɗauke ta daga Haɗeja zuwa gida. Ko na ruwan leda babu a kai. Idan ta ba da ɗari biyar a nan, to a tashar Haɗeja za ta tsaya da akwati, ba gaba ba baya. Na san haka sarai lokacin da nake magana. So nake ta ɗago ta ce mini wani abu, ko zagi ne, ko ta ja gefen hijabina kamar da.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta durƙusa, ta ciro makulli daga zaren wuyanta, ta buɗe akwatin a gaban kowa. Littattafai ne kuwa, tun daga na aji ɗaya, har da tsofaffin da bangonsu ya fita, an ɗaure su da tsumma kashi-kashi. Ta fara fitar da su tana jerawa a kan yashi.

"Me kike yi haka?" na ce.

"Zan bar wa maigadi. In ya samu mai so ya ba shi."

Iska ta fara kaɗa shafukan, yayyafi yana shirin sauka. Kunya ta kama ni, amma irin kunyar da ke fitowa da faɗa. Na jawo akwatina na buɗe, na ture gwangwanayen gefe.

"Kawo nan, malama. Kya bar littafi a ruwa don ki ja mini zagi."

Muka raba su biyu ba mai kallon wata. Baba direba ya sake ɗaga nata, ya ɗaga nawa, kowanne sai da jijiyar hannunsa ta tashi. Ya yi murmushi, domin ya fi kowa sanin nauyin da motarsa za ta ɗauka bai ragu da ko allura ba.

"Ɗari-ɗari," ya ce. Sannan ya dubi ƙawata ya ƙara da cewa, "Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri, 'yata."

Ta ce amin. Ni na ɗauka rabon littattafan yake nufi.

Aka yi lodi yadda aka saba. Namu na 'yan Haɗeja da masu wucewa gaba su ne a ƙasa, a kwance a saman mota, masu nauyi a tsakiya don kada motar ta karkata. Na 'yan Kaugama da sauran masu sauka a hanya su ne a sama, don kada a kwance kaya duka saboda mutum ɗaya. Aka rufa tamfol, aka zarga igiya ta ƙarƙashin ƙarafan, Baba direba ya taka taya ya ja da dukkan ƙarfinsa, ya ƙulle. Ya zagaya ya daddaki kowane gefe da tafin hannu kafin ya ce mu shiga da bismilla.

Ina kewar wannan hanyar, ko da yake ranar ban more ta ba. Da an bar makaranta da kamar rabin awa sai a fara waƙe-waƙe, ana buga bayan kujera. Akwatuna suna ƙara a sama duk ramin da aka faɗa, kowa tana cewa nata ne ya faɗi. In aka wuce Kaugama mota ta yi sauƙi, a miƙe ƙafa. Daga nan ido yake fara neman ruwa. Za ka ga fadama ta cika ta kwanta har bakin titi, shinkafa kore shar, balbelu a bayan shanu, mata a bakin hanya da tiren soyayyen kifi. Warin ruwan nan da hayaƙin bandar kifi idan ya shigo ta taga, ka san ka zo gida ko da idonka a rufe yake. Kullum a daidai nan ƙawata takan dafa gwiwata ta ce, "Kin ji?" Ranar ma kujera ɗaya muka zauna, domin ba wadda ta yarda ta canja da ni. Warin ya shigo, na ji ta ja numfashi. Na jira hannunta, bai zo ba. Ta taga take kallo, kamar mai ƙirga bishiyoyi.

Mun shiga Haɗeja bayan azahar. Aka kwance igiya, aka sauke akwatuna, masu adaidaita da 'yan acaɓa suka yanyame mu. Na biya Baba direba kuɗinsa cif, na ja akwatina gefe na fara laluben makulli.

"Zo ki kwashi kayanki," na ce mata.

"Ki riƙe mini. In na haɗa su, mai a-kori-kura ma sai ya yanka mini kuɗin kaya."

"To sai in yi ta dakonsu har mu koma?"

Ta kwance gefen ɗankwalinta, ta ciro naira ɗari biyu, ta kamo hannuna ta danƙa mini.

"Mai fito zai ce ya yi nauyi. Kowa ya biya na kayansa."

Ba da gatse ta faɗa ba, wannan ne ya fi ƙona ni. Da gatse ne da na san abin da zan mayar. Na san daga kuɗin motarta ta cire, na san abin da ya rage ba zai kai ta ƙofar gida ba. Ya kamata in mayar mata, in ce ke dalla can, wasa nake. Amma 'yan mata suna kallo, kuma ni ce na kafa dokar da safe. Na karɓa na soke a aljihu.

Wani mai baro ya ɗora akwatinta zai kai ta inda motocin Baturiya suke lodi. Ta bi shi taku biyu, ta dawo.

"To, mu yafi juna," ta ce.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san lokacin da ake faɗin wannan. Mai tafiya aikin Hajji yana faɗa, mai ƙaura yana faɗa, mara lafiyar da ya ji jiki yana faɗa. Ɗaliban da za su haɗu bayan sati shida cewa suke sai mun koma. Kuma amsarsa ɗaya ce, ka ce na yafe, ni ma a yafe ni. Ni da wautata sai na ɗauka haƙuri take ba ni a kan sati biyun da ta yi tana share ni. Har wani daɗi na ji, na ce yau ta sauko.

"Na yafe," na ce, ina gyara zaman jakata. "Sai mun koma."

Ta tsaya kaɗan, kamar mai jiran canji. Da ta ga ba abin da zai biyo baya, ta yi murmushi ta juya. Ina ganin farin hijabinta a bayan mai baro har suka sha kwanar masu lemo.

Adaidaita ta kai ni bakin kogi. Ruwa ya cika ya yi ja, jirgin fito yana ɗaukar mutane da buhuna da babur guda. Mai fiton ya san ni tun ina goye. Ya sa akwatin a tsakiyar jirgi, ya ce in zauna a kansa kada in motsa. Na miƙa masa kuɗin fito, na ɗora ɗari biyun nan a kai na ce na kaya. Ya karɓi nasa, ya turo mini sauran.

"Yaushe na fara karɓar kuɗin akwatin 'yar makaranta? Mayar, ki sha ruwa."

Mahaifina yana tsaye a tsallake, ya naɗe ƙafar wando, kamar kowane hutu. Ba ya aiko kowa tarona, da kansa yake zuwa, ya ɗora akwatin a ka, muna tafe yana tambayata abin da aka koya mana. Ya shigo ruwa har gwiwa, ya kama mariƙin da hannu ɗaya yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya dube ni.

"Lafiya? Korar ki aka yi?"

"A'a, Baba. Littattafan ƙawata ne, ajiya ta ba ni."

"'Yar wajen Baturiyan nan?"

Na ce ita. Ya sa hannu biyu ya fitar da akwatin kan tudu, ya zauna a kansa yana share ruwan ƙafarsa.

"Akwatin hutu ba ya nauyi," ya ce. "In kin ga ɗalibi ya kwashe har tsofaffin littattafai, ba mai dawowa ba ne. Ai mutanen wajensu tashi suke yi. Ciyawar kacalla ta toshe musu hanyar ruwa, ba wurin jefa taru, gonakin kuma ruwa ya kwanta a kai ya ƙi tafiya. Gida-gida suke komawa bakin Chadi wurin danginsu. Ba ta gaya miki ba?"

Sai komai ya dawo mini a jere, yayanta a gindin darbejiya, katifar da ta bayar, hannun Baba direba biyu da addu'ar da ya yi mata. Dattijon da bai san ko sunanta ba ya gane da ɗagawa ɗaya. Ni da na yi shekara biyar ina jin juyinta a saman gadona, ban gane ba.

"Kun dai yi sallama ko?" in ji mahaifina.

Na ce mun yi. Ya ɗora akwatin a ka muka kama hanya, kuma ranar bai tambaye ni abin da aka koya mana ba.

Na roƙa a kai ni garinsu, aka ce hanya ta yanke sai ruwa ya ja. Ba mu da waya a lokacin, su ma ba su da ita. Kafin ruwa ya ja hutu ya ƙare. Na koma makaranta da duk littattafan da ta bar mini, Baba direba ya ɗaga akwatina da hannu biyu, aka raba kuɗin a kan kowa, ba wadda ta ce uffan. Na hana kowa hawa gadon sama har sati uku, sannan uwar ɗakinmu ta sa wata. Da kaka yayana ya je a kan babur, ya tarar da gidan ba kowa, maƙwabta suka ce sun tashi kwana huɗu bayan dawowarta. Na sa ya tambaya ko da mota ta iso ranar ko da ƙafa, ya ce shi bai ga abin tambaya a nan ba. Bayan 'yan shekaru ƙasar can ta rikice, mutane suka watsu. Duk wanda na ji ya fito daga wajen tafki sai na tambaye shi, har na gaji da jin Allah ya sa a dace.

A aji shida na zo ta ɗaya, da littattafanta na yi karatun, kuma ban taɓa jin abin da ya fi wannan rashin daɗi ba.

Littattafan suna nan a ƙasan akwatin aurena, ɗaure da tsummanta. Ɗari biyun tana cikin na lissafi, ta yi laushi, yanzu ko ƙosan kirki ba za ta saya ba. Ina kewarta, ba kullum ba, amma duk ranar da aka yi hutu motoci suka shigo Haɗeja da akwatuna a sama, ba na iya zaman gida. 'Yata ta biyu tana makarantar kwana yanzu, ni nake zuwa tarenta. Kafin in rungume ta sai na ɗaga akwatinta, in ɗaga na ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, suna dariya suna cewa Umma ta fara. A hutun da ya wuce na ji 'yata ta ɗaga wa wata hannu daga nesa tana cewa sai mun koma. Na ce ta je ta yi mata sallama sosai. Ta ce, "Umma, sati shida ne fa." Na ce na sani, ta dai je. Ta tafi tana gunaguni, ni kuma na tsaya riƙe da akwatin, ina kallon kwanar masu lemo, na faɗi sauran rabin a hankali yadda nake yi duk shekara: ni ma ki yafe ni.